Yadda Ake Gyara Kuskuren Rubutun Suna a Satifiket ɗin WAEC Ko NECO

Yawancin mutane ba sa lura da kuskuren da ke cikin sunansu a satifiket ɗin sakandare sai ranar tantancewa a jami'a, ko lokacin rajistar bautar ƙasa, ko wajen ɗaukar aiki, inda jami'i zai jera takardu a kan tebur ya ce wannan sunan bai yi daidai da wancan ba. Daga nan sai a garzaya kotu a yi takardar rantsuwa, a ɗauka magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Takardar rantsuwa hujja ce guda ɗaya cikin hujjojin da ake nema, amma ba ta taɓa ko harafi ɗaya a jikin satifiket. Hukumar da ta buga takardar ita kaɗai ke da ikon gyara ta: WAEC ta gyara tata, NECO ta gyara tata.

Kotun Ƙoli ta Najeriya ma ta taɓo wannan batu. A ranar 13 ga Fabrairu, 2020, ana gobe za a rantsar da sabon gwamnan Bayelsa, kotun ta soke nasarar David Lyon saboda saɓanin sunayen da ke kan takardun makarantar mataimakinsa, duk da cewa mataimakin yana riƙe da takardun rantsuwa. Ba kowa ne zai tsaya takara ba, amma ƙa'idar ɗaya ce ga mai neman gurbin karatu da mai neman aikin ɗan sanda.

Da farko a rarrabe: gyara ne ko canji?

Wannan tambayar ita ce ke yanke hukuncin ko a fara tafiyar ko kada a ɓata kuɗin mota. Abin da hukumomin jarrabawa ke saurara shi ne gyaran rubutu, wato sunan nan dai naka ne, amma an tsallake harafi, ko an ƙara, ko an sauya wurinsa. Abdullahi ya koma Abdulahi, Zainab ta koma Zianab, Yakubu ya koma Yakuba. Haka nan sunan da aka gutsure saboda tsawo, kamar Abdulmumini da ya tsaya a Abdulmumin ko Abdul kawai.

Canjin suna wani abu ne daban. Wanda aka yi wa rajista da Ɗanlami, daga baya ya ga gara ya koma sunansa na yanka, Yusuf, ba gyara yake nema ba. Haka wadda ta yi aure take son sunan mijinta ya maye gurbin na mahaifinta, ko wanda ya yi karatu a hannun kawunsa aka sa masa sunan kawun a matsayin uba, yanzu yana son mayar da na mahaifinsa. Satifiket shaida ce ta wanda ya zauna jarrabawa a waccan shekarar da sunan da ya zauna da shi, don haka hukumar ba ta sake buga shi saboda mutum ya sauya suna daga baya. Masu irin wannan matsala hanyarsu ita ce takardar canjin suna ta shari'a da sanarwa a jarida, su riƙa haɗa su da tsohon satifiket duk inda za su gabatar da shi.

Akwai abubuwan da ke tsakiya. Sunan gari da mutanenmu ke liƙawa a ƙarshe, irin su Bichi, Funtua, Gumel ko Azare, sau da yawa yana kan wata takarda babu shi a wata. Ƙara cikakken suna a satifiket ya fi gyara harafi wuya nesa ba kusa ba, domin a idon mai duba fayil ƙarin suna yana iya nufin wani mutum ne daban ke son gadon sakamakon wani. Ba a samun nasara a nan sai idan rajistar makaranta ta nuna cewa tun shigarka aji ɗaya kana ɗauke da wannan sunan. Batun jeri kuwa, satifiket yakan fara da sunan uba ko na dangi, sannan sunan mutum. Wanda ya ga an rubuta Sani Rukayya maimakon Rukayya Sani kada ya tayar da hankalinsa, tsarin bugun ke nan. Matsala tana tasowa ne idan an ɗauki sunanka na yanka an sa a gurbin sunan uba, har sauran takardunka suka saɓa da shi. Ranar haihuwa kuma kada a haɗa ta da wannan magana ko kaɗan, ƙa'idarta ta fi tsauri ƙwarai, kuma cusa ta cikin buƙatar gyaran suna yana iya jawo a ajiye fayil ɗin gaba ɗaya.

A gano inda kuskuren ya shigo

Sunan ɗalibi yana bi ta hannaye da dama kafin ya hau satifiket. Yana farawa daga rajistar shiga makaranta, ya koma jerin sunayen aji, ya shiga bayanan makin aji da makaranta ke turawa hukumar, sannan a cike rajistar jarrabawa a kwamfuta, sau da yawa a wani shagon intanet da makarantar ta ba kwangila. A jihohin da gwamnati ke biya wa ɗalibai kuɗin jarrabawa bayan sun ci ta share fage, kamar kwalifayin da ake yi a Kano, jerin yakan ƙara bi ta wasu ofisoshin. Kowane hannu dama ce ta ɓacewar harafi. Sunayenmu kuma suna da wuraren tuntuɓe da aka sani: baƙi mai ninki kamar na Rukayya da Abdullahi, alamar hamza ta Sa'adatu da Shu'aibu wadda wasu manhajoji ba sa karɓa, da sunayen da ake rubutawa iri uku ko huɗu kamar Muhammad, Mohammed da Muhammed.

Don haka matakin farko na zahiri shi ne zuwa makarantar da aka zauna jarrabawar, a nemi malamin da ke kula da harkar jarrabawa, a roƙe shi ya fito da abubuwa uku: rajistar shiga makaranta, kundin hotunan ɗaliban da suka zauna jarrabawar a waccan shekarar, da babbar takardar sakamako da hukumar ta aiko wa makarantar. A ɗora su kusa da satifiket ɗin a bi harafi da harafi.

Abin da za a gani ɗaya ne cikin uku. Idan sunan daidai yake a rajistar makaranta da kundin hotuna, amma ya karkace a satifiket, kuskuren daga wajen bugu ne, kuma wannan ita ce buƙata mafi sauƙi. Idan daidai yake a rajistar shiga amma ya karkace tun daga kundin hotuna, makarantar ce ta yi kuskure wajen rajista, kuma dole wasiƙar shugaban makaranta ta amsa hakan a fili. Na ukun shi ne mai wahala: a tarar ko a rajistar shiga ma haka aka rubuta shi a karkace. A nan makaranta ba ta da abin da za ta kare ka da shi, sai a koma ga takardun da suka girme ta, wato ta haihuwa da ta firamare.

Mu ɗauki misali da za mu bi har ƙarshe. A ce wata ɗaliba ce, sunanta Rukayya, mahaifinta Abdullahi, kakanta Sani, ta zauna WAEC a makarantarsu. Satifiket ya fito da Rukaya Abdulahi Sani. An duba rajistar shiga aji ɗaya an ga Rukayya Abdullahi Sani daidai. An duba kundin hotuna an ga Rukaya Abdulahi Sani. Ke nan wanda ya shigar da sunaye a kwamfuta ne ya zubar da haruffa biyu, kuma ita ma ta sa hannu a gaban sunan ba tare da ta karanta ba, kamar yadda ɗalibai suka saba.

A tsayar da rubutu guda kafin a taɓa kowace takarda

Nan ne mutane da yawa ke yi wa kansu illa. Kafin a rubuta wasiƙa ko a je kotu, a tattaro duk takardun da ke ɗauke da sunan: ta haihuwa, ta firamare, ta ƙaramar sakandare, takardar NIN, ta JAMB idan akwai, bayanan banki, da fasfo idan an yi. A rubuta yadda sunan yake a kowace a kan takarda guda. Sau tari sai a tarar ba satifiket ɗin kaɗai ba ne ya karkace, rubutun kala uku ne.

Dalilin da ya sa wannan ke da muhimmanci shi ne yanzu NIN ce uwar sauran. Tun 2021 JAMB ke ɗauko sunan ɗalibi kai tsaye daga bayanan NIMC, hukumar da ke ba da NIN, daga JAMB sunan ya wuce jami'a, daga jami'a ya wuce hukumar bautar ƙasa. Idan NIN ɗinka ta yi daidai da takardar haihuwa da ta firamare, satifiket ne kaɗai ya fita daban, to satifiket za a gyara. Idan kuwa satifiket ɗin WAEC da na NECO da na firamare duk sun haɗu a kan Mohammed, NIN ce kawai ke da Muhammad, gyara NIN ya fi sauƙi da sauri, ko da kai ka fi son ganin Muhammad. A irin wannan hali a bi rinjayen takardu, a bar son rai. Duk wanda ya nace sai ya juya takardu uku saboda guda ɗaya, zai shekara yana zarya.

A misalinmu, takardar haihuwar Rukayya da ta firamare da NIN duk suna da baƙaƙen biyu a cike. Hukunci ya fito: satifiket za a gyara.

Hujjojin da za a haɗa

Mai duba buƙatar a ofishin hukumar tambaya ɗaya ce a ransa: wannan da ke neman gyara, shi ne ya zauna jarrabawar, kuma sunan da yake so a rubuta shi ne sunansa tun kafin jarrabawar? Saboda haka takardar da aka yi kafin shekarar jarrabawa ta fi wadda aka yi jiya nauyi sau ninki. Da wannan ma'aunin za a auna duk abin da za a sa a fayil.

Na farko, satifiket ɗin na asali. Ana karɓe shi ne, domin hukumar ba za ta bari mutum ya riƙe guda biyu masu suna daban-daban a kan lambar jarrabawa ɗaya ba. Kafin a miƙa shi a yi masa kwafi mai kala aƙalla uku, a kuma ɗauki hotonsa a ajiye a waya da imel. Kada a goge komai a jikinsa, kada a sa farin ruwan goge rubutu, kada a gyara harafi da biro. Satifiket ɗin da aka taɓa ya zama abin zargi, kuma maganar tana iya tashi daga gyara ta koma tuhumar jabu.

Na biyu, takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Wadda aka yi tun mutum yana jariri ita ce sarauniyar hujjoji. Wanda ba a yi masa ba, kuma ya haura shekara 18, hukumar tana ba da takardar tabbatar da haihuwa a madadinta. Tana da amfani, amma tun da sabuwa ce ba ta isa ita kaɗai ba, sai an tallafe ta da takardar kammala firamare da sakamakon jarrabawar ƙaramar sakandare, waɗanda duk sun girmi satifiket ɗin.

Na uku, kwafin shafin rajistar shiga makaranta inda sunan yake, da kwafin shafin kundin hotuna, shugaban makaranta ya buga hatimi ya sa hannu a kan kowanne. Mutane sukan manta da waɗannan biyun alhali su ne ke nuna daidai inda harafin ya faɗi.

Na huɗu, takardar rantsuwa. A yi ta a babbar kotu, ta jiha ko ta tarayya, a gaban jami'in rantsarwa, a biya a karɓi rasit. Masu buga takardu a bakin kotu suna da tsohon zubi da suke cike wa kowa, kuma yawanci na canjin suna ne, mai cewa a da ana kirana kaza, yanzu ina so a kira ni kaza. Wannan lafazin yana rusa buƙatarka da hannunka, domin ka rantse cewa canji kake yi. Abin da ya kamata takardar ta ƙunsa shi ne: cikakken sunanka daidai, sunan jarrabawar da shekararta, sunan makarantar, lambar jarrabawa, yadda aka rubuta sunan a karkace, yadda ya kamata ya kasance, da bayanin cewa sunayen biyu na mutum ɗaya ne kuma saɓanin kuskuren rubutu ne. A karanta ta a tsanake kafin a sa hannu. Ba abin mamaki ba ne mai bugawa ya ƙara sabon kuskure a cikin takardar da aka yi don gyara kuskure. Idan ɗalibin bai kai shekara 18 ba, uba ko uwa ko mariƙi ne zai rantse a madadinsa.

Sai ƙananan abubuwa: kwafin takardar NIN, katin shaidar jarrabawa mai hoto idan yana nan, sakamakon da aka ciro daga intanet, da hotunan fasfo na kwanan nan, a riƙe huɗu don kada a rasa. Sanarwa a jarida ta fi shafar canjin suna. Don gyaran harafi kada a kashe mata kuɗi sai ofishin ya nema da bakinsa.

Wasiƙar shugaban makaranta

Ga wanda ya zauna jarrabawa a matsayin ɗalibin makaranta, hukumar ba da shi ta yi hulɗa ba tun farko, da makarantarsa ta yi. Makaranta ce ta yi masa rajista, ita ta karɓo satifiket, don haka ta bakinta buƙatar gyara za ta fito. Wanda ya ɗauki fayil ya nufi ofishin WAEC shi kaɗai ba wasiƙar makaranta, za a maido shi.

Ɗalibin zai fara rubuta wa shugaban makaranta gajeriyar takardar neman a gyara masa suna. Shugaban kuma zai rubuta tasa zuwa ga hukumar, da Turanci, a kan takardar makaranta mai tambari. Shugaban da ke kan kujera yanzu shi zai sa hannu, ko da ba a zamaninsa aka yi jarrabawar ba, domin da rajista yake shaida, ba da tunawa ba. Wasiƙar ta ambaci sunan jarrabawa da shekara, lambar cibiya, da lambar ɗalibi. A WAEC lambar jarrabawa lambobi goma ce, bakwai na farko na cibiya, uku na ƙarshe na ɗalibi, kuma kuskure a lamba ɗaya yana kai buƙatar kan fayil ɗin wani. A kwafe ta daga jikin satifiket, kada a rubuto ta da ka.

Sannan a rubuta sunan sau biyu da manyan baƙaƙe, a layi daban-daban, na kuskure a sama, na daidai a ƙasa, a ja layi ƙarƙashin haruffan da abin ya shafa. A wasiƙar Rukayya za a ja layi a ƙarƙashin YY da LL. Sai jimla ɗaya da ke faɗin yadda aka yi kuskuren ya auku: an yi shi ne wajen shigar da sunaye lokacin rajista, kuma rajistar makaranta tana ɗauke da rubutun daidai. Wasu shugabannin ba sa son amsa cewa daga gare su ne, sai su rubuta wasiƙa mai kewaye-kewaye. A lallaɓa su a rubuta gaskiyar, domin hukumar tana da nata kwafin abin da makaranta ta turo, kuma za ta duba. A ƙarshe a lissafa takardun da aka haɗa, a sa hannu, kwanan wata da hatimi. Shugaban ya sa hannu da hatimi a bayan hotunan fasfo ma.

Miƙawa da biyan kuɗi

Ana kai fayil ofishin hukumar da ke kula da jihar da aka zauna jarrabawar, ko da yanzu mutum yana zaune a wata jihar. WAEC tana da ofisoshin shiyya a garuruwa irin su Kaduna, Sakkwato, Jos da Maiduguri, da rassa a wasu manyan biranen jihohi kamar Kano da Katsina, babban ofishinta na Najeriya kuma yana Yaba a Legas. NECO tana da ofishi a kowace jiha, hedikwatarta tana Minna. Ofishin jiha yana karɓa ne ya tantance ya tura sama, can ake amincewa a sake bugawa. Tafiya Legas ko Minna kai tsaye ba ta gajarta hanya, galibi ce maka za a yi ka koma jiharka.

Mafi kyau a je tare da malamin jarrabawa na makarantar, domin an san fuskarsa a ofishin. Kafin ranar, shi malamin ya tambayo jerin abin da ake nema a wannan lokacin da kuma kuɗin gyara, tun da dukansu suna sauyawa. A biya ta hanyar da ofishin ya nuna, ta banki, da sunan hukumar; kuɗin NECO ta Remita ake biyansa. Kada a tura kuɗi asusun wani mutum, kada a ba wani a bakin ƙofa don ya hanzarta. Idan kuskuren daga wajen bugun hukumar ne, a nuna hakan tun kafin a biya, a tambaya ko biyan ya hau kanka.

Abu ɗaya da bai kamata a bar ofishin ba tare da shi ba: kwafin wasiƙar shugaban makaranta da aka buga wa hatimin karɓa, da kwanan wata da sa hannun wanda ya karɓa, kuma a rubuta a jikinsa cewa an karɓi satifiket na asali. Wannan kwafin da rasit su ne kaɗai shaidarka cewa takardarka tana hannunsu. Wanda sunansa ya karkace a WAEC da NECO duka biyun, fayil biyu zai haɗa, wasiƙa biyu, biya biyu. Haka abin yake ga masu NABTEB ko NBAIS, kowa da hukumarsa.

Inda hanyar ke sauyawa

Wanda ya zauna jarrabawar masu zaman kansu, wadda aka fi sani da GCE, ba shi da shugaban makarantar da zai tsaya masa. Shi da kansa zai rubuta wa hukumar, ya kai ofishin jihar da ya zauna, da katin rajistarsa mai hoto da sauran hujjojin. Nauyin da ke kansa ya fi yawa, domin a ƙa'ida shi ya cike bayanansa, ko da a zahiri yaron shagon intanet ne ya buga.

Idan makarantar ta rufe, ko an haɗe ta da wata, ko an sauya mata suna, a nufi ofishin ilimi na shiyya ko sashen jarrabawa na ma'aikatar ilimi ta jiha, a nemi wasiƙar da ke bayyana halin da makarantar take ciki da kuma wanda ke riƙe da takardunta. Mafi wahala su ne waɗanda suka yi karatu a wata makaranta, suka je wata suka yi rajistar jarrabawa kawai. Makarantar da lambar cibiyarta ke kan satifiket ita hukumar ta sani, ita kuwa ba ta da sunanka a rajistar shiga. Dole wasiƙa ta fito daga gare ta, sai a ƙara da wata daga makarantar da aka yi karatun na ainihi, da kwafin rajistarta.

Wanda satifiket ɗinsa bai riga ya fito ba, ya ga kuskuren a katin jarrabawa ko a sakamakon intanet, ya kai maganar ga malamin jarrabawa a ranar. Gyara kafin bugu ya fi sauƙi da araha, kuma kowace shekara da ta wuce tana ƙara wuyar samo tsofaffin rajistoci a makaranta.

Zaman jira da ranar karɓa

Aikin na watanni ne, ba na makonni ba. Saboda haka a duba kalanda kafin a miƙa na asali: idan tantancewar jami'a saura mako biyu, a je da satifiket ɗin yadda yake, tare da takardar rantsuwa da wasiƙar shugaban makaranta, a gama tantancewa sannan a miƙa shi gyara. Idan an riga an miƙa, abin da za a nuna a madadinsa shi ne kwafin satifiket, kwafin wasiƙar mai hatimin karɓa, rasit, takardar rantsuwa da sakamakon intanet. Hukuncin karɓa ko ƙi yana hannun jami'ar ko ma'aikatar, amma fayil da ke nuna an fara gyara ya fi takardar rantsuwa tsurarta ƙarfi.

A riƙa leƙawa ofishin kamar sau ɗaya a wata, da kwafin mai hatimi a hannu. Tambayar da za a yi takamaimiya ce: an tura fayil ɗin sama, kuma yaushe? Fayil yakan maƙale ne saboda ƙaramin abu, hatimi bai fito sosai ba, lamba ta saɓa, ko rubutun sunan a takardar rantsuwa ya bambanta da na wasiƙa da harafi ɗaya, kuma ba lallai a kira ka a faɗa maka ba.

Sabon satifiket na ɗalibin makaranta yakan dawo ta hannun makarantar. Kafin a sa hannu a littafin karɓa, a duba suna harafi da harafi, sannan hoto, ranar haihuwa, lambar jarrabawa, darussa da makin kowanne, a gwada da kwafin tsohon. Bayan haka a shiga shafin duba sakamako na hukumar a ga ko gyaran ya hau can, domin jami'o'i da ma'aikatu daga can suke tabbatarwa. Ga WAEC a duba har da satifiket na intanet, wanda ta ƙaddamar a 2022. Idan takarda ta gyaru amma intanet na nuna tsohon rubutu, a koma ofishin da kwafin sabon satifiket a rubuce a nemi a daidaita. Rukayya, idan ta riga ta ɗora tsohon sakamakon a shafinta na JAMB, za ta koma cibiyar da JAMB ta amince da ita a sake ɗora wanda aka gyara, ta kuma kai kwafi ofishin rajista na jami'arta a sa a fayil ɗinta.